Fom Ɗaya, Turmi Ɗari: Yadda Mai Atamfa Zai Daidaita Tallansa a Intanet

Duk wanda ya taɓa duba shafin masu sayar da atamfa a waya ya san wannan matsala. Talla na farko ya ce yadi shida ce, ya faɗi kamfani da farashi. Na biyu hoto ne kawai da kalmar "sabon zuwa". Na uku ya ce kala bula, na huɗu ya ce shuɗiya, alhali turame biyun daga dila ɗaya suka fito. Mai saye ba ta da yadda za ta kwatanta wannan da waccan, sai ta aiko da tambaya: yadi nawa ce, auduga ce, tana zuba, guda nawa suka rage? Mai shago ya amsa, gobe wata ta sake tambayar abu ɗaya. Idan kuma ba ta tambaya ba ta saya a kan zato, ranar da kaya suka isa sai rigima ta tashi.

Galibi ba ha'inci ne ke jawo wannan ba. Abin da ke faruwa shi ne kowane talla ana rubuta shi daga farko, da ka, a cikin hayaniyar kasuwa, yau maigida ne ya rubuta, gobe yaron shago, jibi ƙanwarsa da ke riƙe masa shafin Instagram. Maganin shi ne a zauna sau ɗaya a yanke shawarar yadda za a bayyana kowane turmi, a zuba shawarar a cikin fom, daga nan kowa ya riƙa cikewa maimakon ƙirƙira. Kamar akwatin buga bulo ne: wahalar tana wajen haɗa akwatin, amma da zarar ya daidaita, bulo na ɗari zai fito daidai da na farko ko da wane ne ya buga.

Bari mu bi aikin daki-daki da misalin atamfa, irin wadda ake sarinta a Kantin Kwari da ke Kano ana tallata ta a WhatsApp, Instagram, Jiji ko Jumia.

Fara da shata iyakar dangin kayan

Shawara ta farko ita ce: wane kaya ne wannan fom zai ɗauka, wane ne ba zai ɗauka ba? Mai shago yakan so ya yi fom guda ya zuba atamfa, leshi, shadda, yadin maza da mayafai gaba ɗaya, don ya huta. Wannan shi ne kuskuren da ke kashe aikin tun kafin ya fara tafiya.

Ma'aunin dangi ɗaya mai sauƙi ne: kayan da mai saye ke yi wa tambayoyi iri ɗaya. Mai sayen atamfa tana son sanin kamfani, daraja, kala, zanen da ke jiki, tsawo da irin zaren. Mai sayen leshi tana tambayar ko mai duwatsu ne, ko mai raga ne da ke buƙatar shafi a ciki, kuma leshi yawanci yadi biyar ake yankawa, ba shida ba. Mai sayen shadda yana tambayar ƙyalli da nauyi, da ko fara ce ko rinanna. Idan aka haɗa su a fom guda, rabin guraben za su zauna babu komai a kowane layi, kuma yaron shago zai saba da tsallake gurbi. Ranar da ya saba, zai tsallake wanda bai kamata ba.

Saboda haka a fara da dangi ɗaya, wanda ya fi tafiya a shagon. Idan na atamfa ya zauna da gindinsa, sai a kwafe shi a gyara wa leshi nasa.

Guraben fom daga bakin masu saye suke fitowa

Ba sai an zauna ana tunanin abin da ya dace a sa ba. Amsar tana cikin wayar mai shago. Ya buɗe hirarrakinsa da masu saye na wata ɗaya ko biyu da suka wuce, ya rubuta duk tambayar da aka yi masa kafin a biya kuɗi, da duk ƙorafin da aka kawo bayan kaya sun isa. Tambayar da ta maimaita kanta ta cancanci gurbi. Wadda mutum ɗaya ya taɓa yi sau ɗaya, a bar ta ga hira.

A atamfa, wannan tankaɗe yakan bar gurabe kamar goma sha ɗaya: lambar kaya, kamfani, daraja, kalar ƙasa, irin zane, tsawo, faɗi, zare, farashi, adadin da ke ƙasa, da gurbin aibi. Kada su wuce haka da yawa. Fom mai gurabe talatin yana da kyau a ido, amma ranar da dila uku suka sauka lokaci guda ana dab da Sallah, babu mai cika shi.

Daga nan sai muhimmin mataki a duk aikin, wato raba guraben gida uku.

Gida na farko shi ne abin da ba ya canzawa daga turmi zuwa turmi: yadda ake aika kaya, wa ke biyan kuɗin mota, kwana nawa mai saye ke da shi ya dawo da kaya, sharaɗin cewa ba a karɓar wadda aka yanka ko aka wanke, da shawarar wanki. Wannan a rubuta shi sau ɗaya, a natse, a ajiye. Ba mai sake buga shi da hannu, kwafowa kawai ake yi.

Gida na biyu shi ne abin da ke canzawa amma zaɓinsa ƙididdigagge ne: kamfani, daraja, kala, irin zane, tsawo, zare. Waɗannan ba a rubuta su, zaɓar su ake yi daga jerin da aka riga aka amince da shi.

Gida na uku shi ne abin da dole a rubuta sabo kowane lokaci: farashi, adadi, faɗin da aka auna, da aibi in akwai. Ƙarfin fom yana ga yadda aka ƙanƙanta wannan gida na uku. Duk inda aka bar mutum ya rubuta abin da ya ga dama, nan saɓani ke shigowa.

Kala, awo da farashi: inda aka fi samun tangarɗa

Kala ita ce babbar fitina a atamfa, domin turmi ɗaya yana iya ɗauke da launi biyar. Idan aka ce wa mutum uku su faɗi kalarsa, za a ji amsa uku. Dole fom ya kafa doka: kalar da ake rubutawa ita ce ta ƙasa, wato wadda zanen ya hau kanta, wadda ido ke fara gani idan aka tsaya nesa da taku biyar. Sannan a tsayar da jerin sunaye da bai wuce goma sha biyu zuwa sha biyar ba: ja, shuɗi, ruwan omo, kore, ɗorawa, ruwan goro, ruwan hoda, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan madara, makuba, baƙi, fari. Idan an zaɓi "shuɗi", to "bula" ta fita daga fom har abada. Abu mafi amfani shi ne a yanko ƙyalle ɗaya na kowace kala a manna a kwali, a rubuta sunan a ƙasa, a rataye a shago. Duk wanda ya yi shakka sai ya kara turmin da kwalin.

Akwai kuma batun haruffa masu lanƙwasa. Yawancin masu saye ba su da ɗ da ƙ a madannan wayarsu, kuma wanda ya nemi "shudi" ba lallai ne na'ura ta nuna masa "shuɗi" ba. Mai shago ya yanke wanda zai riƙe a sunan kaya, ya tsaya a kansa. Abin gudu shi ne rabin tallan ya zo da wannan, rabi da wancan.

Awo shi ma yana buƙatar doka. Turmin atamfa da aka sani yadi shida ne, kuma yadi ɗaya santimita 91.44 ne, don haka turmi ya kama kusan mita biyar da rabi. Wanda ke da masu saye a Maraɗi, Damagaram ko Yamai, inda aka fi sabawa da mita, zai kyauta idan ya sa wannan lissafi a cikin rubutun da ba ya canzawa. A gurbin tsawo lamba kawai ake sawa, 6 ko 12, ba "yadi shida" yau, "6yds" gobe ba. Faɗi kuwa kada a ɗauka duk ɗaya ne. Atamfofi sukan bambanta da 'yan incina, daga wajen 44 zuwa 48, kuma wannan bambanci tela ne ke jin sa idan ya zo yanka doguwar riga. A sa tef a auna turmi ɗaya daga kowace sabuwar dila.

Farashi yana da gurbinsa shi kaɗai, lamba zalla ba tare da waƙafi ko kalma ba. Kada ya shiga cikin sunan kaya, kada a rubuta shi a jikin hoto. Dalili a bayyane yake ga duk wanda ya yi kasuwanci a shekarun nan da canjin kuɗi ke hawa da sauka: farashi na iya canzawa sau biyu a wata. Idan yana wuri ɗaya, gyara ɗaya ne. Idan yana jikin hoto, sai an sake ɗaukar hoto, kuma tsohon hoton zai ci gaba da yawo a wayoyin mutane da tsohon farashi.

Gurbin adadi yana da wani sirri da masu anko suka sani. Mai neman turmi ashirin na biki ba zane ɗaya kawai take so ba, tana son rini ɗaya. Zane ɗaya daga dila biyu da aka buga a lokuta daban yana iya ɗan bambanta a zurfin kala, kuma sai an jera 'yan mata a hoto ake ganewa. Don haka a gurbin adadi a rubuta waɗanda suka zo tare.

Lambar kaya: sunan yanka na kowane turmi

Kowane kaya yana buƙatar lambar da ba wanda ke tarayya da shi a cikinta. Ita ce ke haɗa hoto, talla, littafin ciniki da turmin da ke kan kanta. Idan mai saye ta ce "waccan shuɗiyar mai ganye", ana iya samun bakwai masu wannan siffa. Idan ta turo lamba, magana ta ƙare.

Lamba mai kyau gajeriya ce kuma ana iya karanta ta a waya. Ga tsari mai sassa huɗu: dangi, kamfani, lambar zane, kala.

```
ATM-UW-0147-SH
```

ATM na nufin atamfa, UW na nufin Uniwax, kamfanin da ke Kodebuwa, 0147 shi ne zane na 147 da ya shigo shagon, SH kuma shuɗi. Haka za a ba Vlisco ta Holan VL, GTP ta Gana GT, Hitarget HT. Amfanin wannan tsari shi ne zane ɗaya mai kala uku yana riƙe da lamba ɗaya a tsakiya, ƙarshen kawai ke canzawa, sai a gane 'yan ɗaki ɗaya ne.

Dokokinta kaɗan ne amma ba a karya su. Babu tazara a ciki, babu harafi mai lanƙwasa, domin wasu manhajoji suna rikita su. Ba a sa farashi ko shekara, domin abin da ke canzawa ba ya zama suna. Kuma lambar da kayanta suka ƙare ba a ba wani sabon kaya ita. Wata rana wata za ta turo tsohon hoto da lambarsa tana nema, kuma idan an sake amfani da lambar, za a aika mata abin da ba ta gani ba.

Zuba fom a jadawali

Ana iya yin duk wannan a littafi mai layi, kuma ya fi babu. Amma Google Sheets ko Excel suna da abu biyu da littafi ba shi da su: suna hana rubuta abin da ba ya cikin jeri, kuma suna haɗa sunan kaya da kansu. Ya fi sauƙi a gina jadawalin a kwamfuta sau ɗaya, daga baya a riƙa cikewa a waya.

Layin farko na sama shi ne sunayen gurabe. A misalinmu A lamba ce, B kamfani, C daraja, D kala, E zane, F yadi, sauran su biyo baya. A buɗe shafi na biyu a jera zaɓuɓɓukan da aka amince da su, kamfanoni a jeri ɗaya, kaloli a wani. Sannan a zaɓi gurbin kala gaba ɗaya, a shiga `Data`, a danna `Data validation`, a nuna masa jerin. Daga nan duk wanda ya taɓa gurbin zai ga zaɓi ya sauko, kuma idan aka saita shi ya ƙi baƙon rubutu, "bula" ba za ta shiga ba ko an buga ta.

Sunan kaya kuwa ba mutum ne zai rubuta ba. A gurbin ƙarshe a sa wannan:

```
=TEXTJOIN(", ", TRUE, "Atamfa "&B2&" "&C2, D2, E2, "yadi "&F2)
```

Aikinsa shi ne ya ɗauko abin da ke cikin guraben ya jera su a tsari ɗaya, da waƙafi a tsakani. A ja shi ƙasa zuwa sauran layuka, kowane turmi ya sami suna mai tsari iri ɗaya. Yana aiki a Google Sheets da Excel na 2019 zuwa sama. Don kama lambar da aka maimaita bisa kuskure, a ƙara wani gurbi da wannan:

```
=COUNTIF(A:A, A2)>1
```

Duk layin da ya nuna `TRUE`, lambarsa tana da tagwai, sai a gyara kafin talla ya fita.

Hoto ma yana cikin fom

Gani ya kori ji, kuma a atamfa hoto ne rabin ciniki. Amma idan an ɗauki wannan a ƙarƙashin farin ƙwan shago, wancan a rana tsaka, wani a kan jan kafet, kala ɗaya za ta fito iri uku. Fom ya kamata ya faɗi wuri, lokaci da jerin hotuna.

Wuri ɗaya, a inuwa mai haske kusa da ƙofa, da hantsi, a kan farin ƙyalle ko farin allo, ba tare da fitilar waya ba. Hotuna huɗu a jere ɗaya kullum. Na farko turmi a naɗe da takardar kamfani a jiki. Na biyu a warware shi har zanen ya maimaita kansa, don a ga girman furen ko ganyen. Na uku kusa-kusa da tef a kai, domin zanen da ya yi kama da ƙanana a waya yana iya zama faɗin tafin hannu. Na huɗu a naɗo gefe a nuna baki da bayan atamfar tare. Wannan na huɗun yana amsa tambayar daraja ba tare da magana ba, domin atamfar da aka yi da kakin rini kalarta tana ratsa fuska biyu kusan daidai, wadda aka buga a fuska ɗaya kuwa bayanta a kan fito a koɗe. Kowane hoto a sa masa sunan lambar kayan da 1, 2, 3, 4 a ƙarshe.

Mu gwada da dila ɗaya

A ce sabuwar dila ta sauka, a ciki akwai zane ɗaya mai ganye, na Uniwax, kala uku: shuɗi turmi 12, kore 8, ruwan goro 5. Wajen saukewa daga mota, ruwa ya taɓa gefen ɗaya daga cikin masu ruwan goro ya bar tabo.

Yaron shago ya duba jadawali ya ga zane na ƙarshe 0146 ne, don haka wannan 0147. Ya buɗe layi uku: ATM-UW-0147-SH, ATM-UW-0147-KR, ATM-UW-0147-RG. A layin farko ya zaɓi kamfani, ya zaɓi daraja kamar yadda take a takardar turmin, ya zaɓi Shuɗi, ya zaɓi Ganye, ya zaɓi 6. Ya sa tef ya auna faɗi ya rubuta abin da ya gani. Ya duba abin da kamfani ya rubuta game da zare ya zaɓi auduga. Ya tambayi maigida farashi ya sa, ya rubuta 12 a adadi. A gurbin aibi ya rubuta "babu", domin gurbin da aka bari fayau ba ya nuna ko an duba ko an manta. Suna ya fito da kansa:

```
Atamfa Uniwax Wax, Shuɗi, Ganye, yadi 6
```

Layi na biyu da na uku kwafe ne, kala da adadi kawai ya canza. Saura mai tabon. Ba za a bar shi cikin biyar ɗin ba, domin ba kaya ɗaya ba ne kuma. Adadin ruwan goro ya koma 4, mai tabon ya sami layinsa da lamba ATM-UW-0147-RG-B, da farashinsa mai rangwame, da bayani a gurbin aibi: tabon ruwa a gefe ɗaya, faɗin yatsa uku, kusa da ƙarshen turmi. Hoto na biyar ya nuna tabon.

Yanzu sai ɗorawa. Katalog ɗin WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2019, yana da gurabe na suna, farashi, bayani da lambar kaya, yana karɓar hotuna har goma ga kaya ɗaya, kuma yana ɗaukar kaya har 500. Sunan da jadawali ya haɗa ya tafi `Item name`, lambar ta tafi `Item code`, sauran guraben da rubutun da ba ya canzawa su tafi `Description`. A Instagram rubutun nan ɗaya ake mannawa a ƙarƙashin hoto. Manyan kasuwannin intanet irin su Jumia suna da nasu fom da nasu sharuɗɗan suna da hoto, kuma nasu ne ke da rinjaye a shafinsu, amma wanda bayanansa ke jere a jadawali kwashewa kawai zai yi daga gurbi zuwa gurbi. Abin kiyayewa shi ne jadawalin ne uwa. Duk gyara a can ake fara yi, sannan a bi shafuka.

Yadda ake gane fom ya fara lalacewa

Kafin a amince da fom, a jarraba shi da turame goma mafi wuyar bayani a shagon: mai kala biyu da suka yi kunnen doki, mai zanen da ba fure ba ba ganye ba, ragowar yadi huɗu, wanda takardarsa ta ɓace. A miƙa wa wanda ya fi kowa sabunta a shagon ya cika ba tare da an taya shi ba. Duk inda ya tsaya ya yi tambaya, fom ne ke da giɓi, ba yaron ba. A rubuta amsar a matsayin doka a saman gurbin.

Bayan an fara aiki, alamomin lalacewa guda uku ne. Na farko, zaɓin "sauransu" ya fara cika. Idan turmi ɗaya cikin biyar yana faɗawa can a gurbin zane, jerin ya yi kaɗan, a duba abin da ke taruwa a ba shi suna. Na biyu, wata tambaya ta dawo tana maimaituwa a hira duk da talla yana nan. Ko dai babu gurbinta, ko an binne amsar a ƙasan dogon rubutu. Na uku, gurbin aibi ya koma wurin zuba kirari, ana rubuta "mai kyau sosai" da "ba ta da na biyu". Wannan gurbi na gaskiya ne mai ɗaci, idan yabo ya shige shi ya tashi daga aiki.

Gyaran fom kuma hannu ɗaya ne ya kamata ya riƙe shi. Kowa na iya cikewa, amma mutum ɗaya ne ke ƙara kala a jeri ko ya sauya gurbi, kuma ya rubuta ranar da ya yi canjin. Google Sheets yana ba da damar kulle shafin jeri ta `Protect sheets and ranges`. Idan aka ƙara sabon gurbi, a koma a cika shi ga duk kayan da ke ƙasa a ranar, in ba haka ba shafin zai rabu biyu, tsofaffin talla da sababbi.

Abin da fom ba zai yi ba

Fom ba ya ƙirga kaya. Idan an sayar da turmi a shago ba a rage adadi ba, talla zai ci gaba da alkawarin abin da babu. Ba ya kuma daidaita fuskar wayoyi, shuɗin da ke wayar mai shago ba lallai ya zama shi ne a wayar mai saye ba, shi ya sa sunan kala a rubuce yake da muhimmanci ko da akwai hoto. Sannan ba ya mayar da ƙarya gaskiya. Wanda ya zaɓi "auduga" ga atamfa mai haɗin roba, ko ya sa sunan babban kamfani a kan kwaikwayo, fom zai yaɗa masa wannan ƙarya a tsari mai kyau a kowane shafi.

Wannan batu ba baƙo ba ne ga 'yan kasuwarmu da suka yi karatun zaure. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai babi a kan sayar da kaya bisa barnamaj, wato takardar da fatake ke rubuta abin da ke cikin dilar tufafi, adadinsu da siffarsu da awonsu, a yi ciniki a kanta ba tare da an kwance dilar ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ma ta kawo halaccinsa. Sharaɗin shi ne siffar ta zama sananniya, kuma idan aka kwance aka tarar da kaya sun dace da takarda, ciniki ya tabbata a kan mai saye. Idan sun saɓa, yana da haƙƙin mayarwa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018 ita ma ta tsaya a kan cewa kayan da aka sayar bisa bayani dole su dace da bayanin.

Ma'anar wannan ga mai talla a waya ita ce, abin da ya rubuta a gurabe shi ne abin da ya sayar. Fom mai kyau yana kare shi ranar da mai saye ta canza ra'ayi ta ce ba haka ta zata ba, domin tsawo, faɗi, kala da aibi duk suna rubuce kafin ta biya. Yana kuma ɗaure shi ranar da kayan suka saɓa wa rubutun. Saboda haka wanda zai cika gurbin faɗi ya sa tef da hannunsa, wanda zai rubuta "babu" a gurbin aibi ya warware turmin ya duba tukuna.